"Mu Koma WhatsApp": Ɗan Saƙon da Ke Fitar da Hira Daga Manhajar Neman Masoyi

A manhajojin neman masoyi ko abokin aure, irin su Tinder da Bumble da Muzz, mutum biyu ba sa iya magana da juna sai kowannensu ya ga hoton ɗaya ya nuna yana so. Idan aka yi dace, manhajar ta buɗe musu wurin hira a cikinta. To amma ba kasafai hirar ke daɗewa a nan ba. Bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci ma tun ba a gama gaisawa ba, sai ɗaya ya turo ɗan gajeren saƙo: a ba shi lamba a koma WhatsApp. Saƙon bai fi layi biyu ba, kuma yawancin masu tura shi ba sa ɗaukarsa a bakin komai. Sai dai wanda ya amsa shi ya miƙa abu biyu a lokaci guda: lambar wayarsa, da kariyar da manhajar ke ba shi.

Dalilan da ke sa mutane son komawa WhatsApp ba ɓoyayyu ba ne, kuma akasarinsu na gaskiya ne. WhatsApp a buɗe yake a wayar kusan kowa daga safe har dare, can 'yan uwa suke, can abokan aiki da na kasuwa suke, saƙo yana shiga a gan shi nan take. Ita kuwa manhajar neman masoyi sai an tuna da ita ake leƙawa, wasu ma kashe sanarwarta suke yi don kada ta faɗo a allo a gaban mutane. Ga kunya: budurwa ko bazawara da ke cikin gidansu ba za ta so ƙaninta ya ɗauki wayarta ya ga alamar Tinder ba, amma babu mai tambayar dalilin da ya sa take WhatsApp. Ga kuma saƙon murya, wanda ya fi rubutu sauƙi ga mutane da yawa, da yadda WhatsApp ke lallaɓawa ko da sabis ya yi rauni. Akwai wani dalilin da ba a cika furtawa ba. A cikin manhajar, kowa ya san ɗan uwan hirarsa yana magana da wasu. Wanda ya samu lamba yana jin ya fita daga cikin jerin masu nema, ya samu kusanci na daban.

Abin da ya bambanta wuraren biyu shi ne yadda aka gina su. A Tinder, wadda ta fito a 2012, da sauran takwarorinta, abin da baƙo ke gani shi ne sunan fari, da shekaru, da hotuna, da kimanin nisan da ke tsakani. Idan hira ta ɓaci, akwai maɓallin Unmatch: ana danna shi hirar ta ɓace daga wayoyin biyu, ɗayan kuma ba shi da hanyar sake turo saƙo. Akwai Report, wanda ke kai ƙara ga kamfanin, shi kuma yana da ikon duba abin da aka rubuta ya rufe shafin mai laifi. Bumble tun 2019 take da tsarin da ke dusar da hoton tsiraici kafin wanda aka turo wa ya buɗe. WhatsApp kuwa, wanda Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, Facebook ya saye shi a 2014, an gina shi ne a kan lambar waya don mutanen da suka riga suka san juna. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta su. Wannan alheri ne ga sirrin iyali da 'yan kasuwa, amma ma'anarsa a nan ita ce babu mai sa ido. Sai an kai ƙara da Report ne kawai saƙonni biyar na ƙarshe ke isa ga kamfanin. Kuma ko an danna Block, lambar tana hannun mutumin. Yana iya kira kai tsaye, ko ya turo tes, ko ya dawo da sabon layi.

Lambar waya a Najeriya ta wuce hanyar kira kawai, kuma wannan ne wurin da mutane suka fi yin sakaci. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka mutane sun rage sauya layi barkatai; layin da mace ta ba baƙo yau, da alama shi ne wanda iyayenta da wurin aikinta da bankinta suka sani. Sannan a asusu irin na OPay, lambar asusun mutum ita ce lambar wayarsa idan aka cire sifilin farko. Duk wanda ya rubuta waɗannan lambobi goma a wurin tura kuɗi zai ga cikakken sunan mai asusun ya fito, ba tare da ya tura ko sisi ba. Manhajar Truecaller ita ma tana nuna sunan da wasu suka ajiye lambar da shi a wayoyinsu, wani lokaci har da sana'a ko unguwa, irin "wance mai ɗinki" ko "wane na asibiti". Daga cikakken suna zuwa shafin Facebook tafiyar minti ɗaya ce. Wato wadda ta yi taka-tsantsan ta sa sunan fari kaɗai a manhaja, da lambobi goma sha ɗaya ta warware duk abin da ta rufe.

WhatsApp kansa yana ƙara tona wasu abubuwan idan ba a gyara saitinsa ba. Hoton fuska da ɗan bayanin da ke ƙarƙashin suna da lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe duk baƙo na iya gani. Da zarar kowanne ya ajiye lambar ɗaya, sai Status ma ya buɗe, nan kuwa ake sa hotunan biki da na yara da ƙofar gida da wurin aiki. Gyaran ba shi da wuya: a shiga Settings, sannan Privacy, a mai da Last seen da Profile photo da About zuwa My contacts, a kuma yi amfani da My contacts except wajen cire sabon mutumin daga masu ganin Status. Ya kamata a yi wannan kafin a ba da lamba. Bayan an bayar, abin da aka gani an riga an gani.

Da yake abin da ake nema yana da wannan nauyi, saƙon gayyata mai kyau yana da siffa da ake gane shi da ita. Yana zuwa ne bayan hira ta yi ɗan nisa, an san abin da kowa ke yi da abin da ya kawo shi. Yana faɗin dalili takamaimai. Mai turawa shi ke fara miƙa tasa lambar, maimakon ya nemi ta ɗayan, domin wanda ya miƙa shi ya ɗauki kasadar, ɗayan kuma ya samu damar dubawa kafin ya yanke shawara. Sannan yana barin ƙofar ƙi a buɗe, ta yadda cewa a'a ba za ta zama rashin kunya ba.

A ɗauki misalin wani malamin makaranta da wata ma'aikaciyar jinya da manhaja ta haɗa a Kaduna, sun yi kwana huɗu suna hira kan aiki da iyali da abin da kowa ke nema a aure. Ita tana aikin dare, amsarta kan makara da sa'o'i. Idan ya rubuta mata "Turo lambarki" kawai, umarni ya bayar, ga shi babu dalili, kuma ya bar ta da zaɓi biyu marasa daɗi: ta bi ko ta yi shiru. Idan ya rubuta dogon saƙo mai cike da yabon kyanta da rantsuwar cewa shi ba mayaudari ba ne, ya jawo zargin da ba a riga an yi masa ba. Wanda ya dace ya fi kama da wannan: "Malama, ina jin daɗin hirar nan tamu. Ban cika buɗe wannan manhaja da rana ba saboda ina aji, shi ya sa nake makara da amsa. Idan babu damuwa, ga lambata ta WhatsApp. Idan kuma kin fi son mu ci gaba a nan tukuna, babu komai." Jimla huɗu ne, kuma kowacce da aikinta. Ta fari ta nuna hirar ce ta jawo gayyatar, ta biyu ta ba da dalilin da ya yi daidai da abin da ta riga ta sani game da shi, ta uku ta miƙa lamba, ta huɗu ta sauke mata nauyi.

Abin da ya rage nata ne. Tana iya sa lambar a Truecaller, ko a wurin tura kuɗi, ta ga ko sunan da ya fito ya yi daidai da wanda ya faɗa mata. Tana iya duba lambar ƙasa: wanda ya ce yana Kaduna ya kamata lambarsa ta fara da +234, na Maraɗi ko Damagaram da +227. Idan ba ta shirya ba, amsar ba ta buƙatar dogon uzuri: "Na gode, Malam. Na fi son mu ƙara sanin juna a nan, in lokaci ya yi zan ba ka." Yadda ya karɓi wannan amsa ya fi duk abin da ya rubuta a baya bayyana halinsa. Mai mutunci zai ce to, ya ci gaba da hira kamar da. Wanda ya fara fushi, ko ya ce ai ba ta yarda da shi ba ke nan, ko ya maimaita buƙatar sau uku a yini, ya nuna yadda zai yi da kowace a'a da za ta biyo baya. Haka abin yake idan mace ce ta yi gayyatar namiji ya nemi a dakata.

Wasu kan tura mahaɗi maimakon lamba, mai wannan siffa: `https://wa.me/` sai lambar ta biyo baya da lambar ƙasa, babu sifilin farko babu alamar tarawa. Wannan sauƙi ne kawai, ba ɓoye lamba ba ne, tunda tana nan a rubuce a jikin mahaɗin. Kuma mahaɗin da bai fara da `wa.me` ko adireshin WhatsApp na ainihi ba, musamman wanda ya buɗe shafi yana neman a shigar da lamba ko a sauke wata manhaja, ba gayyata ba ce, tarko ne.

Matsalar ita ce kalmomin da mai gaskiya ke amfani da su, su ne dai ɗan damfara ke amfani da su, shi ma da ladabi, wani lokaci ma ya fi iya tsara magana. Shi ya sa kamfanonin manhajojin da kansu, a shawarwarin tsaro da suke wallafawa, suke gargaɗi game da mai gaggawar fitar da hira waje. Ɗan damfara yana da dalilin gaggawa da mai gaskiya ba shi da shi. Shafinsa na ƙarya ne, hotunan na wani ne, kuma ya san ko yau ko gobe wani zai kai ƙararsa a rufe shafin. Duk wanda bai kwashe zuwa WhatsApp ba kafin a rufe, ya yi asararsa. Saboda haka gayyatarsa kan zo da wuri, cikin saƙonnin farko, da dalilin da ke ɗauke da matsi: zai goge manhajar yau, kuɗin rajistarsa ya ƙare, yana wurin aikin da ba a yarda da ita ba. Wata alamar da ta fi waɗannan ƙarfi ita ce, jim kaɗan bayan an koma WhatsApp sai a nemi shafinsa a manhajar a rasa. Wani zai ce ya goge ne don ya samu wadda yake nema. Sau da yawa shi ne ya danna Unmatch da kansa, don hirar farko ta ɓace a rasa abin da za a kai ƙara da shi. Mai hankali kan ɗauki hoton shafin da na hirar tun kafin ya ba da lamba.

Girman wannan harka ba ƙarami ba ne. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai mata ƙarar damfarar soyayya, asarar da suka bayyana ta kai dala biliyan 1.3, kuma da yawa daga cikinsu sun ambaci cewa an ja su zuwa WhatsApp ko Telegram ko Google Chat. A shekarar ce Netflix ya fitar da fim ɗin The Tinder Swindler, labarin Simon Leviev, ɗan Isra'ila da ya riƙa haɗuwa da mata a Tinder yana cewa shi ɗan attajirin lu'ulu'u ne, ya ci gaba da hira da su a WhatsApp, daga baya ya ce maƙiya na farautarsa su ciyo masa bashi. A Najeriya ma, a watan Disamba na 2024, hukumar EFCC ta sanar da kama mutum 792 a wani bene da ke Victoria Island a Legas, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jari a kuɗin kirifto. Bayanin hukumar ya nuna cewa matasa ake ɗauka aiki su fara hira da mutane da sunan soyayya, idan an saba sai a miƙa hirar ga wasu su ƙarasa. Wannan ya fito da wani abu da ya kamata a sani: wanda ya yi gayyatar da wanda ke amsawa a WhatsApp ba lallai ne su zama mutum ɗaya ba. Idan salon rubutu ya sauya bayan an koma, ko aka sake tambayar abin da aka riga aka amsa a manhaja, akwai dalilin tsayawa.

Abin da ke biyowa baya iri-iri ne, amma duk daga wannan ƙofar ake shiga. Akwai mai kawo matsala bayan mako biyu ko uku: mahaifiya a asibiti, kaya sun maƙale a kwastan, kuɗin mota don ya zo gaisuwa. Akwai wanda ba ya roƙon komai, sai dai ya riƙa nuna ribar da yake ci a wani shafin zuba jari har ɗayan ya nemi a koya masa. Akwai mai neman hoton da bai dace ba, yana lallashi da cewa a turo da View once, wanda ke ɓacewa bayan an buɗe sau ɗaya. Gaskiya ne WhatsApp yana hana ɗaukar hoton allo a irin wannan, amma babu abin da ke hana a ɗauke shi da wata wayar, daga nan sai barazanar turawa ga dangi, waɗanda lambar ta riga ta nuna hanyar samunsu. Akwai kuma wanda WhatsApp ɗin kansa yake so ya ƙwace. Tunda yana da lambar, sai ya shigar da ita a wayarsa, kamfanin ya tura lambobi shida ta tes zuwa ga mai layin, shi kuma ya ce kuskure ne ko wata shaidar tabbatarwa ce daga manhajar, a turo masa. Wanda ya tura ya rasa asusunsa, a kuma shiga roƙon kuɗi da sunansa wajen 'yan uwa. Babu wani dalili na gaskiya da zai sa wani ya nemi waɗannan lambobi shida. Kunna Two-step verification a cikin Account, wanda ke ƙara lambar sirri ta mai wayar, yana toshe wannan hanya sosai.

Gwaji mafi sauƙi kafin a amsa gayyata shi ne kiran bidiyo a cikin manhajar kanta. Bumble da Muzz duk suna da kiran murya da na bidiyo ba tare da an ba da lamba ba. Don haka hujjar "ina so in ji muryarki" ba ta wajabta komawa WhatsApp. Wanda ya yarda aka yi minti biyar ana ganin juna, fuskarsa ta yi daidai da hotunansa, ya kawar da babban kaso na shakka. Bai kawar da duka ba, domin mutum na iya zama shi ne a hoto kuma ya yi ƙarya game da aurensa ko aikinsa ko niyyarsa. Wanda kuwa kullum kyamararsa a lalace take, ko sabis ba ya barinsa, amma yana da sabis ɗin neman lamba, ya ba da amsa.

Ga masu neman aure ta hanyar da addini da al'ada suka tsara, akwai ƙarin abin dubawa. Muzz, wadda Shahzad Younas ya kafa a Birtaniya don Musulmi masu neman aure, da sunan Muzmatch kafin ta sauya suna a 2022, tana ba mai amfani damar sa waliyyi ko wani amintacce ya riƙa ganin hirar. Ranar da aka koma WhatsApp, wannan idon ya fita, ko an yi niyyar haka ko ba a yi ba. A ƙasar Hausa an san zance a zaure ko ƙofar gida, inda ba a jin abin da ake faɗa amma an san wanda ya zo. Hirar WhatsApp da baƙo ba ta da ko wannan. Shi ya sa wasu matan kan amsa gayyatar da wata gayyatar: "Idan da gaske kake, ga lambar yayana, ku gaisa tukuna." Wasu kuma su buɗe rukuni na mutum uku. Mai niyyar aure ba ya gudun wannan, don ko ba daɗe ko ba jima sai ya je gaban manya. Mai wata niyyar daban yakan ɓace a ranar.

Wasu kan ware layi na biyu don irin wannan hira, wanda ba a haɗa shi da asusun banki ba, ba kuma shi dangi suka sani ba. Dabara ce mai amfani, tana rage abin da baƙo zai iya tonowa, kuma idan abu ya ɓaci ana iya ajiye layin. Amma ba ta hana mutum tura kuɗi ko hoto da hannunsa. Idan har an kai ga matsala, tsarin da ya fi amfani shi ne a fara ɗaukar hoton hirar da lambar da duk wata shaidar tura kuɗi, sannan a danna Report da Block a WhatsApp, a koma manhajar a kai ƙarar shafin idan yana nan. Idan kuɗi sun fita, a sanar da banki nan take, a kuma kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Mai barazana da hoto ba a biyansa, domin biyan farko ba ya rufe bakinsa, sai dai ya nuna masa akwai na biyu.